Yadda ake lissafin manazil don tsara shuka, tafiya da sayen hatsi a ƙasar Gombe da Bauchi

Idan ka ji dattijo a Kumo ko Misau ya ce "yau kwana biyar da shigar Zira'a", ba duba ya yi ba. Kalanda ce yake karantawa, irin wadda ba ta yawo da watannin Hijira. Azumi yakan faɗo a damina, bayan wasu shekaru ya koma bazara, amma Zira'a kullum a ƙarshen Yuni take shiga. Wannan ne ya sa manomi da falke suka riƙe lissafin taurari tun kafin kalandar bango ta zo.

Manazil su ne masaukan wata, guda 28. Wata yana kewaya sama cikin kwana 27 da 'yan sa'o'i, kowane dare ya sauka kusa da wani tauraro ko gungun taurari. Alƙur'ani ya ambace su a Suratu Yunus aya ta 5 da Suratu Yasin aya ta 39. Rana ma wannan hanya take bi, sai dai ita shekara guda take ɗauka, don haka tana yin kwana 13 a kowace manzila. Jabha ce kaɗai ake ba kwana 14. Ninka 13 sau 27 ka ƙara 14, za ka samu 365. Wannan zaman na kwana goma sha uku shi manoma ke kira "tauraro".

Mataki na farko: rubuta ranakun shiga

Lissafin da malaman ƙasar Hausa suka gada ya zo ne ta littattafan ƙasashen Magrib na Arewacin Afirka, kuma ya raba shekara kashi huɗu, kowane kashi taurari bakwai. Samu takarda ka rubuta su, ka manna a bayan ƙofa.

Na damina: Haƙa'a 27 ga Mayu, Hana'a 9 ga Yuni, Zira'a 22 ga Yuni, Nasara 5 ga Yuli, Ɗarfa 18 ga Yuli, Jabha 31 ga Yuli, Harasan 14 ga Agusta.

Na kaka: Sarfa 27 ga Agusta, Awwa 9 ga Satumba, Simak 22 ga Satumba, Gafar 5 ga Oktoba, Zubana 18 ga Oktoba, Iklil 31 ga Oktoba, Ƙalbu 13 ga Nuwamba.

Na ɗari: Shaula 26 ga Nuwamba, Na'a'im 9 ga Disamba, Balda 22 ga Disamba, Sa'aduz Zabih 4 ga Janairu, Sa'adu Bula'a 17 ga Janairu, Sa'adus Su'ud 30 ga Janairu, Sa'adul Ahbiya 12 ga Fabrairu.

Na bazara: Far'ul Muƙaddam 25 ga Fabrairu, Far'ul Mu'ahhar 10 ga Maris, Baɗanul Hutu 23 ga Maris, Naɗahu 5 ga Afrilu, Buɗaini 18 ga Afrilu, Surayya 1 ga Mayu, Dabaran 14 ga Mayu.

Shekarar da Fabrairu ya yi kwana 29, bar ranakun yadda suke, Far'ul Muƙaddam ya ɗauke ƙarin kwanan. Idan ka tarar da takardar wani malami ta saɓa da taka da kwana ɗaya ko biyu, ba abin jayayya ba ne, gona ba ta san wannan bambancin ba.

Saɓanin da ke ɓata aiki iri biyu ne. Na farko, tsofaffin littattafai da watannin ajami suke ƙirga, su Yanayir, Fabrayir, Maris, waɗanda suke bayan kalandar da ke wayarka da kwana 13. Littafi zai ce Haƙa'a tana shiga 14 ga Mayu, kuma gaskiya ya faɗa, amma 14 ga Mayun ajami ita ce 27 ga Mayu ta kalandar yau. Wanda bai ƙara kwanakin nan ba, duk lissafinsa zai riga lokaci da tauraro guda cur, ya yi shuka ƙasa ba ta jiƙu ba.

Na biyu ya fi yawa yanzu, tunda mutane suna samun jadawali daga shafukan Larabawa. A lissafin Saudiyya da ƙasashen da ke kewaye da ita, Surayya 7 ga Yuni take, Jabha kuma 6 ga Satumba. Su suna ƙirga ne daga ranar da tauraron ya fara hudowa da asuba, mu kuwa muna ƙirga zaman rana a manzilar. Tazarar ta kai kwana 37. Kowanne daidai yake a muhallinsa, amma duk wanda ya haɗa sunan wancan da aikin wannan zai shuka wake lokacin da ya kamata ya fara fure.

Mataki na biyu: gwada takardar da ido

Tauraron da ake cewa "muna cikinsa" ba a ganinsa da kyau, domin hasken rana ya rufe shi. Abin da ake gani su ne taurarin da ke gabansa, bayan magariba, da waɗanda ke bayansa da ɗan nisa, da asuba.

Fara da Surayya, wadda kowa ya sani da Kaza da 'Ya'yanta. A ƙarshen Afrilu ka fita bayan magariba ka dubi yamma, za ka gan ta ƙasa-ƙasa, ta kusa faɗuwa. Cikin 'yan kwanaki za ta ɓace. Ba za ka sake ganinta ba sai wajen shigar Hana'a, a gabas, kafin gari ya waye. Bayan kamar kwana goma sha uku wani jan tauraro zai hudo a ƙarƙashinta yana bin ta. Shi ne Dabaran, sunansa ma daga bin baya ya samo asali, kuma ganinsa da asuba yana nufin Zira'a ta shiga ko tana bakin ƙofa. Ka riƙe wannan: tauraron da ke hudowa da asuba yana bayan na takardarka da manzila uku.

Idan hadari ya hana ka ganin gabas da asuba, akwai wata alamar da yamma. Wajen shigar Haƙa'a, ana sallame magariba za ka ga Kunama tana tasowa daga kudu maso gabas, da jan tauraro a tsakiyarta. Shi ne Ƙalbu, zuciyar kunamar. Taurari biyun da ke manne da juna a ƙarshen wutsiyarta su ne Shaula.

Mataki na uku: shuka, daga ƙarshe ake ƙirgowa

Kuskuren da ya fi kowanne tsada shi ne ɗaukar tauraro a matsayin mai kawo ruwa. Ta fuskar addini maganar a rufe take. A hadisin Zaidu ɗan Khalid, wanda ke cikin Muwaɗɗa da Bukhari da Muslim, an yi ruwa da dare a Hudaibiyya, aka bayyana cewa wanda ya ce an yi mana ruwa da falalar Allah ya yi imani, wanda kuwa ya jingina ruwan ga tauraro kaza ya kafirce. Ta fuskar noma ma haka abin yake. Haƙa'a takan shiga ƙasa na bushe ƙamas a Gamawa, alhali a Dass da Tafawa Ɓalewa da Billiri masara ta riga ta tsiro tun Dabaran. Tauraro ma'aunin kwanaki ne, kamar yadda mudu yake ma'aunin hatsi.

Saboda haka aikin yana da ƙafa biyu: ƙasa ce ke ba da izinin shuka, tauraro kuma ya gaya maka irin da ya rage maka lokacin shukawa.

Izinin ƙasa ba ya bukatar na'ura. Washegarin ruwa ka haƙa rami da fartanya a wuri uku ko huɗu na gonar, har da jigawar da ta fi saurin bushewa. Idan laima ta sauka kamar kamu ɗaya, kuma ka dunƙule ƙasar ƙasan ramin ta kama ba ta wargaje ba, shuka ta halatta. Idan saman ne kawai ya jiƙu, yatsa uku ko huɗu, ka dakata. Iri zai tsiro da wannan 'yar laimar, rana ta buɗe kwana goma, tsiron ya ƙone. Ruwan Buɗaini da Surayya shi ya fi yin wannan yaudara, musamman daga Gombe zuwa arewa. Gero yakan jure, shi ya sa ake yi masa binne a busasshiyar ƙasa a jira ruwa. Masara da gyaɗa ba sa jurewa, kuma irinsu da tsada.

Yanzu ga ƙirgen. Ɗauki gona a wajen Kumo, mai ita yana da irin masara mai kwana 120. Tambayar farko ba yaushe ruwa zai fara ba ce, yaushe ya saba ɗaukewa. A wannan yanki ruwan da za a dogara da shi yakan kai farkon Oktoba, wato shigar Gafar. Kwana 120 taurari tara ne da 'yan kwanaki. Ƙirgo baya daga Gafar: Simak, Awwa, Sarfa, Harasan, Jabha, Ɗarfa, Nasara, Zira'a, Hana'a. Ka sauka a 9 ga Yuni, kuma daga nan zuwa 5 ga Oktoba kwana 118 ne. Masara ba ta bukatar ruwa a makonni biyun ƙarshe, lokacin da ƙwaya ke bushewa, don haka akwai rangwamen tauraro guda. Iyakar wannan iri ke nan shigar Zira'a, 22 ga Yuni.

A ce shekarar ta zo da jinkiri, ruwan kirki bai sauka ba sai 28 ga Yuni, kwana bakwai ke nan cikin Zira'a. Irin kwana 120 ya fita daga lissafi. Idan aka nace aka shuka shi, ƙarshen damina zai same shi ƙwaya ba ta gama cika ba, a samu masara mai kan da bai cika ba da ƙwaya a yamutse, buhu ya cika amma ba nauyi. Abin yi shi ne a koma irin kwana 90, taurari bakwai. Ƙirgo bakwai daga Gafar ka sauka a Nasara, 5 ga Yuli, da rangwamen tauraro guda zuwa shigar Ɗarfa. Idan Ɗarfa ma ta shiga ba a yi shuka ba, a bar maganar masara, a ba gonar wake ko riɗi.

Wanda gonarsa ke Azare, Nafaɗa ko arewacin Dukku kada ya fara ƙirge daga Gafar. Ya fara daga Simak, 22 ga Satumba, domin can ruwa ya fi saurin ɗaukewa, ga ƙasar rairayi da ba ta riƙe laima. Duk iyakokin da aka ambata sai su zo da wuri da tauraro ɗaya. Wanda ke kudu, wajen Toro ko Kaltungo, yana da sarari fiye da na Kumo.

Dawar gargajiya, kaura da farfara, ba ta bin wannan ƙirge sosai. Ita tsawon yini take saurare, sai ya fara raguwa take fitar da kai, ko an shuka ta da wuri ko an makara. Makarar ba ta ɗaga mata lokacin fure da yawa, sai dai ta rage mata jiki, karan ya yi gajere, zangarniya ta yi ƙanƙanta. Shi ya sa ake shuka ta da zarar ƙasa ta ba da izini.

Bayan shuka, tauraro ya zama agogon aiki, kuma a nan ne amfaninsa ya fi fitowa. Rubuta ranar da ka shuka da sunan tauraro da kwanansa, misali bakwai ga Zira'a. Bakwai ga Nasara kwana 13 ke nan: lokacin noman fari, da cire tsiron da ya yi yawa a rami, da zuba takin farko. Bakwai ga Jabha kwana 39 ke nan: lokacin yuriya da maimai. Ba sai ka ƙirga kwanaki a yatsa ba, lambar ba ta canjawa, sunan tauraron ne ke canjawa. Abu ɗaya za a kiyaye: Jabha da Harasan su ne tsakiyar marka. Yuriyar da aka watsa a saman ƙasa a wannan lokaci ruwa ne zai tafi da ita. A tona ɗan rami tazarar yatsu huɗu daga gindi, a zuba, a rufe.

Wake tsakanin hatsi daga Ɗarfa zuwa Harasan ake shuka shi. Wanda ya riga wannan lokaci da yawa, wakensa zai nuna ruwa na zuba, kwanso ya yi baƙi ya ruɓe. Masu noman rani a Dadin Kowa da fadamun Jama'are kuwa, alkama sanyi take so, daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba, wato Ƙalbu da Shaula da farkon Na'a'im. Wadda aka shuka a Sa'aduz Zabih zafin bazara zai cim mata tana cika ƙwaya.

A lura da wani abu game da sunayen kashi huɗun nan. Takarda ta ce kaka ta shiga 27 ga Agusta, amma kowa a Bauchi ya san ana tafka ruwa a Sarfa da Awwa. Rabon ya zo ne daga ƙasar da yanayinta ba irin namu ba, aka ɗora masa sunayen Hausa. Kada sunan kaka ya sa ka shanya gero a fili ba rumfa.

Mataki na huɗu: gano inda wata ya sauka

Wannan shi ne ɓangaren matafiya. Kana bukatar abu biyu: tauraron da ake ciki, da daren nawa ne ga watan Hijira. Sai ka ƙirga gaba daga tauraron, manzila ɗaya ga kowane dare.

A ce yau 10 ga Yuli, kwana shida cikin Nasara, kuma daren tara ga wata. Ƙirga tara bayan Nasara: Ɗarfa, Jabha, Harasan, Sarfa, Awwa, Simak, Gafar, Zubana, Iklil. A lissafi wata yana Iklil. Idan kwanan wata ya haura ashirin, rage ɗaya daga abin da ka samu, domin ƙirgen yakan ɗan riga watan a ƙarshe.

Ka fita ka duba. Za ka tarar watan bai kai taurari ukun da ke goshin Kunama ba, yana yamma da su, wajen Zubana. Ba kuskure ka yi ba. An raba manazil a takarda daidai wa daida, taurarin kuwa tazararsu ba ɗaya ba ce, kuma jadawalin yana gaban abin da ido ke gani da kamar manzila guda. Idan za ka nemi watan a sama, koma baya da ɗaya. Kuskuren da ke faruwa da gaske shi ne na dare: a ƙirgen Musulunci dare ke riga yini, don haka daren tara shi ne wanda ya biyo bayan yinin takwas.

Abin da fatake ke nema a wannan lissafi haske ne da lokaci. A bazara ayari da dare yake tafiya saboda dabbobi. Wata yana jinkirta faɗuwa da kamar minti hamsin kowane dare: daren bakwai ya faɗi wajen tsakar dare, daren sha huɗu ya kwana yana haske, daren ashirin da ɗaya kuma sai tsakar dare yake fitowa. Tafiyar dare biyar, idan aka tashi daren sha ɗaya, duk cikin farin wata za a yi ta. Makiyayi mai kora garke zuwa kasuwa har yau da wannan yake aiki. Sanin lokaci kuma daga jerin manazil ake samunsa: tsakanin hudowar wata manzila da mai bi mata kusan minti 51 ne, don haka wanda ya san jerin zai iya cewa saura manzila biyu alfijir ya keto ba tare da agogo ba.

Sai kuma yanayin hanya. Daga Jabha zuwa Awwa kogin Gongola da rafukan da ke zuba cikinsa a cike suke, hanyoyin ƙauye masu laka kan yanke, motar kaya ta kafe. Duk kayan da za a kai ƙauye, taki ko siminti, a kai su kafin Ɗarfa. Daga Na'a'im zuwa Sa'adus Su'ud kuma hazo ne, direba ba ya ganin nesa da sassafe, gara a bari rana ta ɗaga.

Akwai wani amfani na uku da za ka tarar a wasu takardu, inda aka rubuta cewa manzila kaza sa'a ce ga tafiya, kaza nahisa ce ga ciniki ko aure. Mafi shahara shi ne gudun tafiya idan wata yana cikin Kunama. Wannan ya fita daga lissafin lokaci ya shiga duba, kuma shi ne abin da malamai suka hana. Ko a aikace ba ya tsayuwa: ɗauki takardu biyu ka jera, za ka ga manzilar da ɗaya ta yaba ɗayar ta kushe. Mai shirin tafiya ya dubi hanya da haske da lafiyar motarsa, ya yi istihara.

Mataki na biyar: saye da ajiya

Ɗan kasuwar hatsi yana bin jadawalin manomi ne a baya da taki ɗaya. Sabon gero yakan fara shigowa kasuwa a Sarfa da Awwa, masara da gyaɗa daga Simak zuwa Zubana, wake a Iklil da Ƙalbu, dawa kuma daga Ƙalbu zuwa Shaula. Kaya ya fi araha a lokacin da ya fi yawa, ya fi tsada kuma tsakanin Ɗarfa da Harasan, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa sabo bai fito ba.

Amma kayan farkon fitowa na ci ne da sayarwa nan take, ba na ajiya ba. Masarar Simak tana da laima, idan aka ɗinke ta a buhu za ta yi zafi ta yi fumfuna. Ka tura hannu cikin buhu har gwiwar hannu: in ka ji ɗumi, ba ta bushe ba. Ka ciji ƙwaya: busasshiya takan fashe da ƙara, mai laima takan lotse. Wanda zai cika sito a kasuwar Tudun Hatsi ta Gombe ya jira iskar hunturu ta busa, daga Ƙalbu zuwa sama. Wake kuma ko ya bushe ƙwaro na cikinsa tun daga gona, sai an zuba shi a buhu mai leda biyu a ciki an ɗaure kowace leda daban, ko a durom mai murfin da iska ba ta shiga.

Ka sa wa kanka ranar fita tun ranar saye. Wanda ya riƙe gero har Sarfa yana jiran ƙari, sabo zai shigo ya karya masa farashi. Kuma tashin farashin nan al'ada ce ta mafi yawan shekaru, ba kowace ba. Shigo da hatsi daga waje ko damina mai albarka a jere kan sa kayan Jabha su yi ƙasa da kuɗin da aka saye su a Ƙalbu, don haka a lissafa kuɗin sito da buhu da dako kafin a zuba jari duka a ajiya.

Masu kiwon ragunan Layya su ne ke bukatar kalandar biyu a hannu ɗaya. Sallah tana bin watan Hijira, kuma shekarar Hijira ta gaza ta rana da kamar kwana 11, kusan tauraro guda. Babbar Sallah ta faɗo 28 ga Yuni a 2023, cikin Zira'a, sai 16 ga Yuni a 2024, cikin Hana'a, sai 6 ga Yuni a 2025, cikin Haƙa'a. A shekaru masu zuwa za ta ci gaba da komawa cikin bazara, ma'ana watanni uku ko huɗun da ake ɗaure rago za su faɗa lokacin da babu ɗanyar ciyawa ko kaɗan, harawa da ƙowa da dusa kuma suna kan tsadarsu. Mai niyyar kiwo ya sayi harawar wake da ta gyaɗa tun a Iklil da Ƙalbu, ya ɗora ta a kan rumfa inda gara ba ta kaiwa, ya rufe samanta kafin yayyafin Buɗaini.